Fom ɗin Biza a Hoton Waya: Yadda Ake Fassara Shi Ba Tare da Gurabensa Sun Watse Ba

Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, ake buɗe babbar kasuwar baje kolin fata ta Lineapelle a birnin Milan na ƙasar Italiya. Fatar akuya da ta tumaki da ake jemewa a Kano ta daɗe tana tafiya Italiya, don haka ba baƙon abu ba ne dillalin fata ya so ya je ya ga masu sayen hajarsa ido da ido. Tafiyar kan fara ne da hoto. Abokin ciniki a can ya ɗauki fom ɗin neman biza da wayarsa, ya turo ta WhatsApp, ya ce a cike. Hoton a karkace, rubutun ƙanana, harshen kuma Italiyanci. Daga nan sai a nemi yaro mai boko a gida, ko a nufi shagon masu buga takardu a kwamfuta, a ce a fassara wa Alhaji.

Mai fassarar da bai saba ba yakan ɗauka aikin na kalmomi ne kawai. Amma kalmomin fom ɗin biza kaɗan ne, kuma yawancinsu masu sauƙi: suna, ranar haihuwa, sana'a, adireshi. Abin da ke ɓata aikin shi ne jeri, wato wace tambaya ce ke gaba da wace, kuma a wane gurbi kowace amsa za ta zauna.

Dalilin yana cikin asalin fom ɗin. Ƙasashen yankin Shengen, waɗanda yanzu suka kai 29, fom iri ɗaya suke amfani da shi wajen bizar gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Dokar biza ta Tarayyar Turai mai lamba 810/2009 ce ta tsara shi, kuma ta fara aiki a watan Afrilun 2010. Ko da Italiyanci aka buga shi, ko da Faransanci, ko da Jamusanci, gurbi na 4 ranar haihuwa ne, gurbi na 13 lambar fasfo ne. Jami'in da ke bayan gilashi ba ya karanta tambayoyin, domin ya haddace su tun tuni. Idonsa lamba yake bi, yana kwafe amsa zuwa kwamfuta, yana gwada ta da fasfo. Kamar ɗan Kantin Kwari ne da ya san layin atamfa da layin shadda: ba ya duba allon shago, ƙafarsa ce ke kai shi. Idan aka sauya masa wurin kaya, ba zai tsaya bincike ba, abin da ya tarar a gurbin shi zai ɗauka.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai fassara ya gaya wa mai tafiya tun kafin a fara. Fassarar Hausa ba ita ake miƙa wa ofishin jakadanci ba. Kowane ofishi yana faɗin harsunan da ya yarda a cike fom da su, kuma ainihin fom ɗinsa yake karɓa, ko a takarda ko ta intanet. Fassarar 'yar rakiya ce. Amfaninta shi ne mai neman biza ya fahimci abin da ake tambayarsa, ya ba da amsa da bakinsa, sannan a mayar da amsar cikin gurbinta a kan fom na asali. Saboda haka ingancinta ana auna shi ne da tambaya ɗaya: idan mutum ya ɗora yatsa a kan wani layi na Hausa, zai iya gano wurin da layin yake a kan takardar Italiyanci ba tare da ya ji Italiyanci ba?

Matsala ta farko tana cikin hoton kansa. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba, sai ƙananan haruffa su dagule, 3 ta yi kama da 8, ɗan tauraron da ke gaban wasu lambobi ya zama ɗigo ko ya ɓace. Mai fassara da ya san aikinsa ba ya jin nauyin cewa a sake turowa. Yakan nemi a shimfiɗa takardar a kan tebur, a riƙe wayar daidai a samanta, a ɗauka da hasken rana ba tare da filasha ba, kusurwoyi huɗu duk su fito, kowane shafi da hotonsa, sannan a turo a matsayin fayil. Ya ƙirga shafukan kuma. Sau da yawa mai turowa yakan bar shafin ƙarshe, don yana ganin dogon rubutu ne kawai babu abin cikewa, alhali a nan ne wurin sa hannu yake.

Sannan ya duba wane bugu ne a gabansa, domin fom ɗin ya sauya. Na 2010 gurabe 37 gare shi. Wanda ya fara aiki ranar 2 ga Fabrairu 2020 ya koma 32, kuma an jujjuya tambayoyin tsakiya. A tsohon, gurbi na 21 dalilin tafiya ne, a na 2020 kuwa gurbi na 21 sana'ar mutum ce, dalilin tafiya ya koma na 23. Bayanin ɗan'uwan da yake ɗan ƙasar Turai, wanda a da yake can na 34, ya dawo na 17. Wanda ya taɓa fassara tsohon fom ya adana a kwamfutarsa, ya ɗauko ya ba sabon abokin ciniki, zai sa a rubuta kasuwanci a wurin da ake son sana'a, ko akasin haka, kuma daga nan komai ya zame. Lambobin da ke cikin wannan bayani na bugun 2020 ne. Abin da ya fi tsaro shi ne a buɗe shafin ofishin jakadancin a ga fom ɗin da yake karɓa a yau, a gwada lambar ƙarshe da ta hoton. Wani lokaci ma a nan za a tarar akwai shi da Turanci, aikin ya ragu da rabi.

Yanzu ga inda manhajar fassara ta waya ke yin ɓarna. Fom ɗin ba a rubuta shi layi bayan layi kamar wasiƙa ba. Akwatuna ne, wasu a jere gefe da gefe, wasu a ɗore kan juna. A shafin farko, gurbi na 4 yana akwatin hagu. Na 5 da na 6 suna akwatin tsakiya, ɗaya a saman ɗaya. Na 7 yana akwatin dama, kuma shi kaɗai yana da rassa uku: ƙasar da mutum yake ɗanta a yanzu, wadda yake ɗanta lokacin haihuwa idan ta bambanta, da sauran ƙasashen da yake da takardar zama ɗansu. Bayan wannan, daga can gefen dama akwai wani dogon ziri daga sama har ƙasa wanda aka keɓe wa ma'aikatan ofis.

Manhajar da ke tsamo rubutu daga hoto sau da yawa daga hagu zuwa dama take share layi, ba ruwanta da bangon akwati. Sai ta fitar da ranar haihuwa, wurin haihuwa, ƙasar da kake ɗanta, sannan ta jefo wani layi daga zirin ma'aikata, kafin ta dawo ƙasa ta ɗauko ƙasar haihuwa. Jerin ya zama 4, 5, 7, baƙon layi, 6. Idan hoton ya karkace, abin ya fi haka muni, domin ƙarshen wani layi yakan haɗe da farkon na ƙasa da shi. Ƙananan akwatunan da ake sa wa alama kuwa, ko su ɓace ko su koma harafi, sai zaɓuɓɓuka bakwai na matsayin aure su zama jimla ɗaya marar kai.

Zirin ma'aikatan nan ya cancanci a tsaya a kansa. A cikinsa ne jami'i ke rubuta ranar da aka karɓi takardu, lambar buƙatar, wanda ya duba ta, takardun shaidar da aka kawo, da hukuncin da aka yanke: an hana, ko an bayar, kuma iri A, ko C, ko mai iyakance yanki. Idan layukansa suka cuɗe da tambayoyin mai nema, za a ga bawan Allah ya zauna ya sa wa kansa alama a kan an bayar, ya cike adadin kwanaki. Ba zamba ya yi niyya ba, ya ga gurbi ne ya cike. Mai fassara ya fassara zirin, domin mai tafiya yana da haƙƙin sanin abin da ke kan takardarsa, amma ya ware shi daban a gefe ko a ƙarshe, ya rubuta a kansa da manyan haruffa cewa na ofis ne, kada a taɓa.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a gina ƙashin fom ɗin kafin a fassara ko kalma ɗaya. A zana jadawali mai sahu huɗu. A sahu na farko a jera lambobi daga 1 zuwa 32, babu tsallake, tare da tauraron duk lambar da ke da shi. A na biyu a kwafe tambayar yadda take da harshen asali, harafi da harafi. A na uku a sa Hausarta. Na huɗu a bar shi fanko don amsa. Sahu na biyu shi ne wanda masu gaggawa ke yarwa, suna ganin ɓata takarda ne, alhali shi ne ke ba wanda bai ji harshen ba damar gwada siffar kalma da abin da ke kan fom. Gurbin da bai shafi mai tafiya ba, kamar na 10 wanda na iyaye ko waliyyin ƙaramin yaro ne, ba a goge shi. A bar shi a mazauninsa, a rubuta a gefe cewa bai shafe shi ba. Da zarar an cire lamba ɗaya, mai cikewa da ke ƙirgawa da yatsa zai zame da gurbi guda har ƙarshen shafi.

Akwai jarabar gyara jerin don ya yi daɗi a kunnen Bahaushe, kuma tun daga layin farko take farawa. A al'ada, sunan yanka ake fara faɗa, sai na uba, wani lokaci a ƙara da na gari. Fom ɗin kuwa da sunan iyali ya fara a gurbi na 1, sai sunan iyali na lokacin haihuwa a na 2, sunan yanka sai a na 3. Da Italiyanci na 1 Cognome ne, na 3 kuma Nome/i. Wanda ya saba da takardun Faransanci, kamar mutanen Maraɗi da Damagaram, ya san Nom a matsayin sunan iyali, don haka yana ganin Nome zai iya ɗauka shi ne. Fom ɗin da kansa ya raba gardama, domin a samansa an rubuta cewa gurabe na 1 zuwa na 3 a cike su daidai da abin da ke cikin fasfo.

A ce dillalin fatan nan kowa a kasuwa da Alhaji Musa Sani ya san shi, amma a ƙasan shafin fasfonsa, a layuka biyun nan masu haruffa 44 kowanne da na'ura ke karantawa, ga abin da ke farkon layin sama:

```
P<NGAABDULLAHI<<MUSA<SANI<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Abin da ya zo bayan NGA kafin alamomi biyu a haɗe shi ne sunan iyali. Don haka ABDULLAHI ne a gurbi na 1, MUSA SANI a na 3. Alhaji ba ya shiga, tunda ba ya cikin fasfo. Idan fasfo ya ce MOHAMMED, ba a gyara shi zuwa Muhammad don an fi son wannan rubutun. Haruffa masu lanƙwasa ma haka: in fasfo ya rubuta sunan da D ko K marar lanƙwasa, haka za a kwafe. Gurbi na 2 ya fi shafar matan da suka sauya suna bayan aure. Ga namijin da bai taɓa sauyawa ba, sunan na 1 ake maimaitawa.

Gurbi na 6 yana da tarko na musamman ga ɗan Najeriya. Italiyancinsa Stato di nascita, kuma manhaja tana iya mayar da shi jihar haihuwa. Wanda ya saba cike fom ɗin gwamnati da ke tambayar jiha da ƙaramar hukuma, nan take zai rubuta Kano ko Jigawa. Ƙasa ake nufi. Garin haihuwa na 5 ne, Najeriya na 6. Irin wannan ruɗanin yana sake ɓullowa a na 16, inda fasfo ke nuna ofishin da ya ba da shi, amma fom ɗin ƙasar da ta bayar yake tambaya.

Gurabe na 13 zuwa 16 a layi ɗaya suke, akwatuna huɗu kafaɗa da kafaɗa: lambar fasfo, ranar bayarwa, ranar ƙarewa, ƙasar da ta bayar. Ranaku biyun tsakiya su ne suka fi musanya wuri idan fassara ta jera su a tsaye ba tare da lamba ba. Kuskuren yana da tsada, domin doka ta ce fasfo ya kasance an ba da shi cikin shekaru 10 da suka wuce, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da mai tafiya zai bar yankin. Fom ɗin da ya nuna fasfo ya ƙare shekaru biyu baya ya jawo tambayar da ba ta da dalili. Tsarin rubuta kwanan wata ma an faɗe shi a gurbi na 4: rana, wata, shekara. Mai fassara ya kawo wannan bayanin yadda yake, kuma ya lura da kwamfutarsa, don wasu manhajojin jadawali sukan juya 03-04 su mai da 3 ga Afrilu ya zama 4 ga Maris ba tare da sun yi sallama ba.

Zaɓuɓɓukan da ake sa wa alama suna buƙatar irin wannan kulawar. Gurbi na 9 ya jera marar aure, mai aure, zaman tare mai rajista, rabuwa, saki, mutuwar miji ko mata, da wani daban. A fassara su bakwai, a wannan jerin, kowanne da akwatinsa a gabansa, domin mai cikewa zai ƙirga ne ya ce akwati na biyu. Bayani kuwa a sa shi a gefe, a nuna cewa na mai fassara ne ba na fom ba. Zaman tare mai rajista wani tsari ne na dokokin Turai, ba auren da aka ɗaura a masallaci ko a zaure ba. Mai irin wannan auren mai aure ne. Rabuwa kuma tana nufin ma'aurata ba sa tare amma igiyar tana nan.

Na 25 da na 26 sukan rikita har masu jin Turanci. Na 25 ƙasar da za a yi ainihin zaman ce, na 26 ƙasar Shengen da za a fara shiga. Idan dillalin ya tashi daga Kano ya yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa sannan ya sauka Milan, Italiya ce a duka biyun, domin Masar da Habasha ba sa cikin yankin. Idan kuwa ya bi ta Frankfurt ya sauya jirgi, a can za a duba fasfonsa, don haka Jamus ce a na 26, Italiya a na 25. Fassarar da ta haɗe su ta ce ƙasar da za ka je, ta bar shi da gurbi ɗaya fanko, ko da amsar da ta saɓa wa tikitinsa, kuma tikitin yana cikin takardun da jami'i ke riƙe da su.

Tauraron da ke gaban 21, 22, 30, 31 da 32 yana nuni ne ga wani ɗan bayani a saman fom: iyalan 'yan ƙasashen Turai masu 'yancin zirga-zirga ba sai sun cike waɗannan ba. Ga dillalin fata, duk biyar ɗin wajibi ne, kuma su ne zuciyar buƙatarsa: sana'arsa, wurin aikinsa, wanda ya gayyace shi ko otal ɗin da zai sauka, kamfanin da ya gayyace shi, da wanda zai ɗauki nauyin tafiyar. An sha ganin mai fassara ya ɗauki tauraron a matsayin alamar ba dole ba ne, ya ce a bari. Na 32 ɗin ma akwati ne mai ɓangare biyu, hagu na wanda zai biya da kansa, dama na wanda wani zai ɗauki nauyinsa, kowane ɓangare da nasa zaɓuɓɓukan. A fassara na hagu har ƙarshe kafin a koma na dama.

Sai dogon rubutun ƙarshe, wanda kowa ke gajiya kafin ya kai. Ba a taƙaita shi. A ciki ne mai nema ke amincewa cewa ba za a mayar masa da kuɗin biza ba idan an hana shi, kuɗin da ya koma Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024. A ciki ne aka ce za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ajiye bayanansa a rumbun biza na Turai har tsawon shekaru biyar, kuma bayanin ƙarya zai sa a hana biza ko a soke wadda aka bayar, har yana iya kai mutum gaban shari'a. Wanda zai sa hannu a ƙarƙashin wannan ya kamata ya ji shi da Hausa sakin layi bayan sakin layi, yadda aka jera su.

Kafin a miƙa aikin, ana gwada shi da mutum biyu. Ɗaya ya riƙe hoton asali, ya kira lamba a tsallake, 15, sannan 6, sannan 26. Ɗayan ya karanto Hausarta da amsar da aka tanada, fasfo da tikiti da takardar gayyata a buɗe a gabansa. Daga nan a ƙirga akwatunan alama gurbi-gurbi a ga adadinsu ya zo ɗaya a takardun biyu: bakwai a na 9, shida a na 12, uku a na 27. Inda hoto ya dagule har ba a iya karanta kalma, mai fassara ya rubuta cewa wurin bai fito ba, ya nemi sabon hoto, kada ya cike da abin da ya tuna daga wani fom. Bayan an kammala, ya goge hoton fasfon da na fom ɗin daga wayarsa da kwamfutar shago, domin suna ɗauke da cikakken suna, ranar haihuwa, lambar fasfo, da lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11 da aka rubuta a gurbi na 11.